Tsarin Takardar Kwatanta Ra'ayoyi Biyu Kan Shugabanci

Ɗalibin da aka ce ya kwatanta ra'ayin Hersey da Blanchard na 1969 da na Robert House na 1971 yakan bayyana kowanne daban, sannan ya ajiye alƙalami. Kwatancin bai ma fara ba.

Bayan gajeriyar gabatarwa, gara ya gina sassan takardar kan tambayoyin da zai yi wa ra'ayoyin biyu tare. Me shugaba ke dubawa kafin ya zaɓi salo? Su Hersey na duban ƙwarewar mabiyi da himmarsa. House kuwa yana haɗawa da yanayin aikin, da abin da ya tare hanyar kaiwa ga buri.

Sai sashen misali guda. A ɗauki ƙwararren tela da ya gaji da ɗinka kayan makaranta iri ɗaya. A ra'ayin farko, gwanin da himmarsa ta yi sanyi a riƙa shawara da shi, a rage umarni. A na House, aikin ne mai gundura, don haka maigida ya kyautata masa, ya sauƙaƙa wahalar. Maganin ya yi kama, dalilin ya bambanta, kuma nan makin yake.

Sashen ƙarshe na hujja ne: bincike bai mara wa ra'ayin farko baya sosai ba, na House kuma gwada shi gaba ɗaya na da wuya.