Me Ya Sa Fuskar Jabu Ke Tonuwa Idan An Juya Kai?

Manhajar musanya fuska a bidiyo sai ta fara gano alamomi, galibi ɗigo 68 a idanu, hanci, baki da haɓa, kafin ta ɗora sabuwar fuska. Idan mutum na fuskantar kyamara, duk suna bayyane. Da ya ɗan karkata, ido ɗaya ya ƙanƙance, hanci ya rufe kunci. In ya juya gefe sosai, kusan rabin alamomin sun ɓace, sai manhajar ta koma kame-kame.

Ga kuma ƙarancin hotunan koyo, domin yawancinmu gaba muke ba kyamara. Tsinin hanci da tudun haɓa kuwa ba sa fitowa sosai a hoton gaba. Shi ya sa nake roƙon wanda na yi shakkarsa a kiran bidiyo ya juya kansa a hankali, ina kallon gefen kunnensa, inda fuskar ke rawa.