Takardar da mai adana bayanai ya bari

Ranar da aka yi wa jami'in adana bayanai na ofishinmu canjin wurin aiki, ya miƙa wa wadda ta gaje shi makullin kabad da wata takarda mai shafi biyu. Takardar ta yi bayani ne a kan kundin Excel ɗin da ake fitar da rahoton wata-wata da shi. Na sha ganin takardun miƙa aiki, yawancinsu lissafin kujeru da fanka ne. Wannan kuwa ta tona asirin kundin.

Matakan ba su da yawa. Duk ƙarshen wata a ajiye sabon fayil ɗin rajista a mazaunin tsohon, da suna iri ɗaya, domin Power Query sunan da wurin kawai ya sani. Aka sauya harafi ɗaya, sai ya ce bai ga fayil ba. Daga nan a shiga Data a danna Refresh All.

Sai ya ja layi a ƙarƙashin wannan: "Hajiya, ki danna sau biyu." Dalili shi ne, wani lokaci teburin taƙaitawa, wato PivotTable, yakan riga jawo sababbin bayanai gamawa, sai ya sake lissafa na watan jiya, kuma ba ya nuna alamar kuskure ko kaɗan. Ya ba da misalin watan da rajista ke da layi 412 amma jimillar rahoto ta tsaya a 389, adadin watan da ya wuce cif. Shi ya sa ya ce kada ta buga rahoto sai ta gwada lambobin nan biyu. Maganin dindindin ma ya rubuta shi: a buɗe Queries & Connections, a shiga Properties, a cire alamar da ke kan Enable background refresh.

Matsala ta biyu ta fi wayo. Kwamfutar ofishin tana bin tsarin Amurka ne, inda wata ke zuwa kafin rana. Idan aka rubuta 03/04, mu muna nufin 3 ga Afrilu, ita kuma sai ta ɗauka 4 ga Maris ne, fayil ya koma rahoton wani watan ba tare da kowa ya sani ba. Amma 13/04 ya gagare ta, tunda babu wata na 13, sai ta bar shi a matsayin rubutu zalla. Ana gane shi da ido: kwanan wata na gaske yana jingina dama a cikin akwatinsa, wanda ya gagara yana jingina hagu. Ganin na hagu ko da ɗaya ne, a koma a binciki ranakun 1 zuwa 12, can ɓarnar take ɓoye.

Mai barin aiki, don Allah, ka rubuta irin waɗannan kafin ka miƙa makulli, ka kuma zauna da magajinka ya fitar da rahoto ɗaya da hannunsa kana kallo.