Bayan An Rufe Littafi: Wane Labari Ne Ke Taɓa Lissafin Bara?

Kamfanoni da dama kan rufe littafinsu ran 31 ga Disamba, amma sai wajen Maris daraktoci ke amincewa a fitar da rahoton kuɗi. A 'yan watannin nan duniya ba ta tsayawa. Ƙa'idar akantoci ta IAS 10 ce ke faɗin yadda za a yi da abin da ya faru a tsakani, kuma tambayarta ɗaya ce: shin matsalar tana nan tun ranar da aka rufe littafi, ko daga baya ta kunno kai?

A ce wani kamfanin casar shinkafa yana bin wani dila bashin naira miliyan 40 a ƙarshen Disamba. Cikin Fabrairu kotu ta tabbatar dilan ya karye, miliyan 10 kaɗai za a iya karɓowa. Ɗan kasuwa ba ya karyewa dare ɗaya. Galibi tun kafin Disamba jarinsa ya riga ya zube, hukuncin kotu asirin kawai ya tona. Don haka dole a koma a gyara lissafin bara. Bashin da ake bi zai sauka zuwa miliyan 10, a rubuta asarar miliyan 30, ribar shekarar ta ragu da wannan adadi kafin haraji. Haka ma idan buhun da ya tsaya wa kamfani a naira dubu 60 ya jiƙe tun Nuwamba, aka sayar da shi dubu 45 a Janairu: sai a rage darajarsa a littafin bara.

To, a ce kuma gobara ce ta cinye siton kamfanin a Fabrairu. Ran 31 ga Disamba buhunan suna jibge lafiya lau, odita ma ya ƙirga su da idonsa. Ba za a taɓa alƙaluman bara ba. Amma idan asarar babba ce, wajibi ne a bayyana ta cikin bayanan da ke rakiyar rahoton, a faɗi abin da ya faru da kiyasin kuɗinsa. Rabon ribar da aka ayyana wa masu hannun jari bayan rufe littafi shi ma ba ya shiga bashin bara.

Inda lamarin ke sauyawa shi ne idan gobarar ta durƙusar da kamfanin har babu makawa sai an rufe shi. Nan ba a yarda a tsara rahoton kamar kamfanin zai ci gaba da aiki ba. Tushen lissafin gaba ɗaya ake canzawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake iya laƙaba wa tsohuwar asara sunan sabuwa don ribar bara ta yi kyau a ido. Mai hannun jari, idan rahoto ya zo hannunka, ka duba ranar da daraktoci suka amince da shi, sannan ka karanta bayanin abubuwan da suka faru bayan rufe littafi kafin ka yi murna da riba.