BABI NA HUƊU: GINA GURABEN CIKEWA A FOM ƊIN RAJISTAR ƊALIBAI NA PDF

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake tsara fuskar fom, wato layuka da rubuce-rubucen da ido ke gani. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake ɗora guraben cikewa a kan wannan fuska, musamman jerin zaɓi da akwatin alama. Abin da babin zai tabbatar shi ne, kowane gurbi yana da fuska biyu: abin da mai cikewa yake gani, da kuma abin da fayil yake adanawa. Idan aka kula da ta farko aka yi sakaci da ta biyu, fom zai yi kyau a ido amma ya kai wa makaranta bayanan da ba na gaskiya ba. Domin fito da wannan, za a ɗauki misalin fom ɗin rajistar sababbin ɗalibai na wata makarantar sakandare mai ɗaliban kwana da na jeka-ka-dawo.

4.1 Yadda Gurbi Yake a Cikin Fayil

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993, aka ƙara masa guraben cikewa a 1996 a cikin PDF 1.2, sannan tsarin ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2008 da sunan ISO 32000-1. Wannan ƙa'ida ta kasa gurabe gida huɗu: na rubutu (`/Tx`), na maɓalli (`/Btn`), na zaɓi (`/Ch`), da na sa hannu (`/Sig`). Jerin zaɓi yana ƙarƙashin `/Ch`, shi kuwa akwatin alama yana ƙarƙashin `/Btn`.

Kowane gurbi yana da suna da kuma ƙima. Sunan shi ne wanda mai gina fom ya raɗa masa, ƙimar kuwa ita ce abin da aka cike. Ya kamata a lura cewa rubutun da aka buga a jikin takarda, kamar "Jihar Asali", ba shi da wata alaƙa da gurbin da ke gabansa a wurin na'ura. Na'ura sunan gurbi kawai ta sani. Haka kuma, duk gurabe biyun da suka yi tarayya a suna ɗaya, to gurbi ɗaya ne da ya bayyana a wuri biyu. Alal misali, idan aka kwafi gurbin sunan ɗalibi aka liƙa shi a wajen sunan mahaifi ba tare da an sauya masa suna ba, duk abin da aka rubuta a ɗaya zai fito a ɗayan. Saboda haka kafin a zana ko da gurbi guda, sai a fara rubuta jerin sunayen a takarda: `suna_dalibi`, `suna_mahaifi`, `jiha`, `aji`, `zama`, da sauransu. An fi son sunaye gajeru, marasa tazara kuma marasa baƙaƙe masu lanƙwasa, domin su ne za su zama kanun ginshiƙai idan an zo tattara bayanai.

4.2 Gina Jerin Zaɓi

Ana amfani da jerin zaɓi ne a inda amsoshin suke sanannu kuma suna da yawa. Jihar asali misali ce mai kyau, domin tun daga 1996 Nijeriya tana da jihohi 36, idan aka haɗa da Babban Birnin Tarayya zaɓin ya zama 37. Da za a bar wurin a matsayin gurbin rubutu, wani zai rubuta "Sakkwato", wani "Sokoto", wani kuma ya taƙaita, sai jiha ɗaya ta kasu kashi uku a wajen ƙidaya.

A cikin Adobe Acrobat Pro, ana buɗe fayil a shiga `Prepare Form`, a zaɓi `Dropdown`, a ja shi a gaban rubutun "Jihar Asali". Daga nan sai a buɗe `Properties`. A shafin `General` a rubuta `jiha` a wajen `Name`, a kuma sa alama a `Required`. A shafin `Options` akwai wurare biyu da su ne zuciyar aikin, wato `Item` da `Export Value`. A na farko ake rubuta abin da mai cikewa zai gani, a na biyu kuma abin da fayil zai adana, sannan a danna `Add`. Ke nan ana iya nuna wa uba "Katsina" a adana `KT`, a nuna masa "Kano" a adana `KN`. Idan aka bar `Export Value` ba komai, sunan da ake gani shi ne za a adana. Ga yadda gurbin yake a cikin fayil, an taƙaita shi zuwa jihohi uku:

```
/FT /Ch  /T (jiha)  /Ff 131074
/Opt [ [(00) (---)] [(KD) (Kaduna)]
       [(KN) (Kano)] [(KT) (Katsina)] ]
/V (00)
```

Lambar 131074 jimla ce ta lambobi biyu: 131072, wadda ke nuna cewa jerin mai sauka ne idan an danna shi, da kuma 2, wadda ke nuna cewa cike gurbin wajibi ne.

Akwai kuskuren da ya fi kowane yawa a nan. Zaɓin da aka bari a haskake a cikin jerin lokacin da aka rufe `Properties`, shi ne zai zauna a gurbin tun kafin kowa ya taɓa shi. Idan an jera jihohi bisa tsarin abacada, Abiya ce ta farko. Duk uban da ya tsallake gurbin, fom ɗinsa zai dawo yana cewa ɗansa ɗan jihar Abiya ne, kuma babu yadda ma'aikacin rajista zai bambance shi da wanda ya zaɓi jihar da gangan. Maganin wannan shi ne a sa zaɓin da ba jiha ba a saman jerin, a ba shi ƙima ta musamman kamar `00`, a bar shi a haskake. Duk fom ɗin da ya dawo da `00`, an san ba a cike wurin ba. Har wa yau, kada a sa alama a `Allow user to enter custom text`, domin yin haka zai bai wa mai cikewa damar rubuta abin da ya ga dama, a koma gidan jiya.

4.3 Gina Akwatin Alama

Akwatin alama yanayi biyu kawai gare shi: an sa masa alama ko ba a sa ba. Yanayin rashin alama sunansa `Off` a kowane fayil. Yanayin alama kuwa shi ne abin da aka rubuta a `Export Value`, wanda Acrobat ke farawa da `Yes`. Wannan gurbi ya dace da tambayar da amsoshinta ba su dogara da juna ba. A fom ɗin da ake misali da shi akwai sashen takardun da aka haɗo: takardar haihuwa, takardar shaidar kammala firamare, da hotuna. Ɗalibi yana iya kawo ɗaya, ko biyu, ko duka. Don haka sai a yi akwatuna uku, kowane da sunansa: `tkd_haihuwa`, `tkd_firamare`, `tkd_hoto`. Idan aka zana ɗaya aka kwafe shi sau biyu ba a sauya suna ba, da zarar an taɓa ɗaya dukkansu ukun za su ɗauki alama, sai ofis ya ɗauka takardu sun cika alhali ɗaya kaɗai aka kawo.

Tambayar "kwana ko jeka-ka-dawo" kuwa daban take, domin amsa ɗaya tak ake bukata. Idan aka yi mata akwatuna biyu masu suna daban-daban, ana iya sa wa dukkansu alama, alhali kuɗin makaranta da rabon gado a ɗakin kwana sun dogara ne ga wannan amsa. Abin da ya dace a nan shi ne `Radio Button`: maɓallai biyu masu suna ɗaya, wato `zama`, amma ƙimarsu daban, ɗaya `kwana` ɗaya `jeka`. Danna ɗaya yana kashe ɗayan. Ke nan tarayya a suna, wadda take kuskure a sashen takardu, ita ce abin da ake nema a nan, muddin ƙimomin sun bambanta.

4.4 Gwada Fom

Kallon fom a allon na'ura bai isa gwaji ba, tunda allo fuskar farko kawai yake nunawa. Sai an cike kwafi ɗaya, an adana shi, sannan an karanto abin da ke ciki. Ana iya yin haka da manhajar pdftk:

```
pdftk gwaji.pdf dump_data_fields_utf8
```

A ɗauka an cike fom ɗin gwaji na ɗalibin da ya fito daga Katsina, mai zaman kwana, wanda ya kawo takardar haihuwa kaɗai. Abin da ake sa ran gani a layukan `FieldValue` shi ne `KT` a ƙarƙashin `jiha`, da `kwana` a ƙarƙashin `zama`, da `Yes` a ƙarƙashin `tkd_haihuwa`. Sauran akwatunan biyu kuwa ko dai su nuna `Off` ko su zo babu ƙima. Idan `Katsina` ta fito maimakon `KT`, an manta da `Export Value`. Idan kuwa aka ƙirga sunayen akwatunan takardu aka sami ɗaya maimakon uku, an kwafi gurbi ba a sauya masa suna ba.

Wajibi ne kuma a gwada sunan da ke da baƙi mai lanƙwasa, kamar Ɗanladi ko Bilƙisu. Salon rubutun Helvetica, wanda aka saba sa wa gurabe, ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sakamakon haka baƙin yana iya ɓacewa ko ya fito a matsayin wani ɗan akwati a allo ko a takarda, ko da fayil ya adana sunan daidai. Sai a zaɓa wa guraben suna salon da ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe, kamar DejaVu Sans, a kuma tabbata an cusa shi cikin fayil ɗin.

4.5 Iyakokin Wannan Hanya

Akwai abubuwa uku da ya kamata a sani. Na farko, `Required` ba ya hana a adana fom ko a buga shi babu amsa. Yana aiki ne kawai idan an danna maɓallin turawa da aka gina a cikin fom. Na biyu, jerin ƙananan hukumomi da zai riƙa sauyawa bisa jihar da aka zaɓa yana bukatar JavaScript, kuma ba kowace manhajar karanta PDF ce ke aiwatar da shi ba, musamman a wayoyin hannu. Zuba dukkan ƙananan hukumomi 774 a jeri ɗaya kuwa wahala ce ga mai cikewa, don haka ya fi sauƙi a bar wurin a matsayin gurbin rubutu. Na uku, idan mai cikewa ya bi ta hanyar bugawa ya fitar da sabon PDF maimakon ya adana na asali, guraben sukan narke su zama zane kawai, ba za a iya ciro ƙimarsu ba. Ya kamata a rubuta wannan gargaɗi a saman fom.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ingancin fom ya dogara ne ga sunan kowane gurbi da ƙimar da yake adanawa. An nuna yadda ake gina jerin jihohi, da akwatunan takardu, da maɓallan zaɓi ɗaya, an kuma kawo hanyar gwada su. A babi na gaba za a dubi yadda ake tattara waɗannan ƙimomi daga fom masu yawa a zuba su cikin jadawali ɗaya.