Daga "Mun Yi" Zuwa "Me Ya Sa": Yadda Ake Gina Rubutun Waiwaye Kan Aikin Rukuni

Malaman da ke duba rubutun ɗalibai sun san irin wannan takarda tun daga layin farko. "A mako na ɗaya mun haɗu mun zaɓi shugaba. A mako na biyu mun raba aiki. A mako na uku ɗaya daga cikinmu bai zo ba." Haka za ta ci gaba har shafi uku, ta ƙare da cewa marubucin ya koyi muhimmancin haɗin kai. Ba ƙarya a cikinta, amma makinta ba ya yawa, sai ɗalibin ya yi ta mamaki, tun da ya faɗi duk abin da ya faru.

Abin da aka nema a wurinsa shi ne rubutun waiwaye, wato ya koma kan aikin da suka yi tare, ya binciki dalilin da ya sa abubuwa suka tafi yadda suka tafi, da rawar da shi kansa ya taka, da abin da zai sauya. Ana yawan ba da irin wannan aiki ga masu koyon jinya, malanta, aikin likita da harkar kasuwanci. Tushensa yana komawa ga John Dewey na Amurka, wanda ya ɗauki tunani a matsayin bincike da ke farawa daga wata damuwa ko ruɗani, sannan ga Donald Schön, wanda littafinsa na 1983 ya duba yadda ƙwararru ke koyo daga aikin hannunsu.

A 1995, Neville Hatton da David Smith suka nazarci rubutun ɗalibai masu koyon malanta a Jami'ar Sydney, suka kasa shi hawa huɗu. Na ƙasa labari ne zalla, kuma sun ce wannan ba waiwaye ba ne sam. Na biyu labari ne da aka haɗa da dalili, amma dalilin marubuci shi kaɗai. A hawa na uku marubuci yana ja da baya, ya yi muhawara da kansa, ya auna bayani fiye da ɗaya. A na huɗu yana duba yadda al'ada, iko da tsarin makaranta suka shafi lamarin. Mafi yawan waiwayen da suka samu ya tsaya ne a hawa na biyu.

Abin da ke riƙe ɗalibi a ƙasa, sau da yawa, shi ne tsarin da ya ɗauka. Duk wanda ya jera rubutunsa bisa makonni ya riga ya ɗaure kansa, domin tambayar da za ta riƙa jan alƙalaminsa ita ce "sai me ya biyo baya?" Maganin shi ne a ajiye kalanda, a zaɓi lamari ɗaya ko biyu da suka juya akalar aikin, a gina rubutun a kan tambayar da suka haifar.

A ɗauki misali. Ɗalibai shida masu karatun lafiyar al'umma, an ba su aikin zagaya gidaje 60 a wata unguwa don binciken amfani da gidan sauro. Kowa ya ɗauki gida goma. A takardar tambayoyinsu akwai wani gurbi da aka rubuta "gidan sauro: e ko a'a", ba ƙarin bayani. Uku daga cikinsu suka riƙa tambayar ko akwai gidan sauro a gidan, sauran ukun kuwa suna tambayar ko an kwana a cikinsa daren jiya. Waɗannan tambayoyi biyu ne daban, shi ya sa manyan binciken zazzaɓin cizon sauro ke raba su: mutum yana iya mallakar gidan sauro ya bar shi a ƙunshe saboda zafi. Ba a gano ɓarakar ba sai kwana biyu kafin gabatar da sakamako, lokacin da aka haɗa amsoshin suka ƙi jituwa. Akwai kuma wata ɗaliba da ta lura da matsalar tun a zaman farko, amma ta yi shiru, domin wanda ya tsara takardar shi ne shugaban rukunin, ma'aikacin lafiya da ya dawo ƙaro karatu, wanda kowa ke kira Yaya.

Idan wannan ɗaliba ta bi kalanda, lamarin zai samu layi biyu a tsakiyar shafi na biyu: "Mun samu matsala da bayananmu, amma muka gyara." Idan ta bi tambaya, shi ne zai zama rubutun gaba ɗaya, kuma gabatarwarta za ta faɗi matsayinta kai tsaye: aikin ya samu tangarɗa ne saboda rukunin ya raba gidaje kafin ya daidaita ma'anar tambaya, kuma shirunta na cikin abin da ya bar ƙofar a buɗe. Jimla ce da wani zai iya musantawa, kuma wannan ita ce alamar cewa an shiga nazari. Ba mai musanta cewa an haɗu ranar Talata.

Daga nan labari ya samu ɗan gurbinsa. A rubutu mai kalmomi 1,000, kalmomi 150 zuwa 200 sun isa a faɗi aikin, da mutanen, da abin da ya faru. Ma'aunin yana da sauƙi: duk bayanin da ba za a sake taɓa shi a nazari ba, a cire shi. Kasancewar shugaban ya girme su kuma yana da gogewa zai zauna, domin za a dawo kansa. Ruwan saman da ya hana zama na uku zai fita.

Zuciyar rubutun ita ce sakin layin nazari, kuma yana da yadda ake ɗora shi. Ana buɗewa da da'awa, a kawo hujja daga aikin, a nemi dalili, sannan a gwada dalilin da wani bayani na daban. Ɗalibar za ta iya rubuta cewa: "Na ga gurbin yana da harshen damo, amma ban yi magana ba. A lokacin na gaya wa kaina cewa wanda ya yi shekaru a asibiti ya fi ni sani. Da na koma saƙonninmu na waya, na ga a makon farko ba wanda ya yi wa takardar tambaya ko ɗaya, duk amsoshin 'to' ne da 'madalla'. Ke nan ba ni kaɗai na yi shiru ba. Wataƙila girmamawa ce. Wataƙila kuma saboda ba mu ware wani zama na duba takardar ba, duk mai gyara sai ya zama kamar yana ƙalubalantar mutum, ba takarda ba."

A nan ta yi abubuwa uku da labari ba ya yi. Ta raba abin da ta yi zato a lokacin da abin da take gani yanzu. Ta kawo shaida wadda ba daga ƙwaƙwalwarta kaɗai ta fito ba. Ta kuma ajiye dalilai biyu gefe da gefe, maimakon ta rungumi na farko da ya zo mata. Sauran shi ne ta yanke hukunci a kan wanda ya fi nauyi, ta faɗi hujjarta.

Sai a shigo da abin da masana suka rubuta, kuma nan ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Kusan kowa yana ambaton Bruce Tuckman, wanda a 1965 ya ce rukuni kan bi matakai huɗu: haɗuwa, saɓani, daidaitawa, sannan aiki gadan-gadan. Rubuta cewa "rukuninmu ya bi matakan Tuckman" liƙa tambari ne kawai. Amfani na gaskiya shi ne a auna tsarin da abin da aka gani. Wannan rukuni bai taɓa yin saɓani a fili ba, to shin zaman lafiyar nasara ce, ko kuwa saɓanin da aka danne ne ya ɓulla a cikin amsoshin da suka ƙi haɗuwa? Yana da kyau ta san cewa Tuckman ya gina tsarinsa ne daga bitar rubuce-rubuce 50, da yawansu kan rukunonin jinyar tunani da na horarwa, don haka tana da damar cewa bai bayyana komai ba a inda shekaru da muƙami ke tsara wanda zai fara magana. Aikin Amy Edmondson na 1999 ya fi kusa da damuwarta, domin ya nuna cewa rukuni ya fi koyo idan mambobinsa sun amince za su iya tambaya ko nuna kuskure ba tare da an muzanta su ba. Masani ɗaya da aka yi amfani da shi haka ya fi biyar da aka jera sunayensu.

Wasu malamai kan wajabta bin zagayen Graham Gibbs na 1988, mai matakai shida: bayanin abin da ya faru, yadda aka ji, auna mai kyau da marar kyau, nazari, kammalawa, da shirin gaba. Tsari ne mai amfani, sai dai yana da tarko. Matakai ukun farko sun fi sauƙin rubutawa, sai su cinye kalmomin, a iso nazari a gajiye. Wanda aka ce ya bi Gibbs ya tanadi kaso mafi girma ga mataki na huɗu. Wanda aka bar wa zaɓi kuwa yana iya ɗaukar tambayoyi ukun da Terry Borton ya kawo a 1970: me ya faru, me hakan ke nufi, yanzu sai me.

Akwai hanyar gwada daftari kafin a miƙa. A ɗauki biro a ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke haɗa jimloli. Idan "sannan", "daga nan" da "bayan haka" ne suka cika shafin, labari ne. Idan ana cin karo da "saboda", "sai dai", "da a ce" da "wannan ya nuna", an fara nazari. A kuma duba su waye ake yi wa bincike. Takardar da kowane kuskure a cikinta na wani ne ta koma ƙorafi, wadda kuma kowane kuskure na marubuci ne ta koma neman gafara, kuma dukansu sun tsallake yadda rukunin ya tsara aikinsa. Game da abokan aiki, adalci shi ne a faɗi abin da suka yi, kada a yanke hukunci kan niyyarsu, a kuma sakaya sunayensu da harafi ko muƙami. Ɗalibar ba ta san abin da ke ran shugabansu ba, amma tana iya tambayar kanta yadda shi ya fassara shirun da suka yi masa: mai yiwuwa ya ɗauka amincewa ce.

Sashen ƙarshe shi ne shirin gaba, kuma dole ya fito daga nazarin da ya gabace shi. "Zan inganta sadarwa" ba shiri ba ne, domin ba wanda zai iya duba ko an cika shi. Tunda ɗalibar ta kammala cewa rashin zaman duba takarda ne ya fi nauyi, abin da za ta rubuta shi ne: a aiki na gaba, kafin a raba gidaje, kowa zai karanta kowace tambaya da babbar murya yadda zai yi ta a ƙofar gida, a gwada takardar a gidaje biyar, sannan a zauna a kwatanta amsoshi. Gyare-gyare kuma kowa ya rubuta nasa a takarda kafin a fara magana, ƙaramin cikinsu ya soma karantawa.