Yadda Ake Bambance Kainuwa Biyu a Kan Ruwa

Kainuwar da muka saba gani a tabki ganyenta a zagaye yake fitowa daga tushe guda, kamar latas, ba shi da kara. Ka shafa shi, za ka ji gashi mai laushi, ruwa kuma ba ya jiƙa shi.

Wadda ta fi ɓarna kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta ɓulla a ruwan Legas wajen 1984. Ganyenta na da santsi da ƙyalli, amma babbar alamarta na ƙasan ganyen, inda karan yake kumbura. Fasa kumburin, za ka tarar da soso cike da iska, shi ke sa ta yawo bisa ruwa. A nan mutane kan ruɗe: idan ta cunkushe, karan sai ya miƙe ya yi tsawo, kumburin ya ɓace. Saboda haka a duba na gefen cunkoson, ko a nemi furenta shuɗi mai ɗigon rawaya.

Ka ɗago guda ɗaya, 'ya'yanta za su biyo a sarƙe. Da haka take rufe kwalbati da magudanar ruwan rani, ta hana iska shiga ruwa har kifi ya mutu.