Abin da layi ya bari a baya: karanta zanen ragowa da alƙaluman birkin mota

A shekarun 1920 an auna gudun motoci da nisan da suke ci kafin su tsaya cak. Ma'auni 50 aka samu, gudun ya kama daga mil 4 zuwa mil 25 a awa ɗaya, wato mafi sauri a cikinsu kilomita 40 ke nan. Masanin tattalin arzikin noma na Amurka, Mordecai Ezekiel, ya kawo waɗannan alƙaluma a littafinsa na 1930, kuma har yau suna nan cikin manhajar lissafi ta R da sunan `cars`. Ina son su ne domin a cikinsu mutum zai ga matsaloli biyu da suka fi addabar miƙaƙƙen layi, su duka a zane guda.

Idan aka zuba ma'aunan a takarda, gudu a kwance, nisa a tsaye, ɗigo-ɗigon suna hawa daga hagu zuwa dama. Kwamfuta za ta ratsa su da layin da ya fi kusa da su gaba ɗaya, ta ce: nisa a ƙafa shi ne gudu sau 3.93, a cire 17.58. Za ta ƙara da cewa layin ya bayyana kusan kashi 65 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin ma'aunan. Ɗalibai da yawa a nan suke rufe littafi su rubuta rahoto, alhali ba su tambayi layin inda ya yi kuskure ba.

Ragowa ita ce wannan kuskuren: abin da aka auna da gaske, a cire abin da layi ya yi hasashe. Ɗauki motar da ke gudun mil 15. Layi ya ce za ta tsaya a ƙafa 41. Ɗaya daga cikin ma'aunan ya nuna ƙafa 26, don haka ragowarsa ƙafa 15 ƙasa da sifili. Wani a wannan gudun ya kai ƙafa 54, ragowarsa 13 sama da sifili. Haka za a yi wa dukkan hamsin ɗin, sannan a yi sabon zane: hasashen layi a kwance, ragowa a tsaye, da layin sifili shimfiɗe a tsakiya. A R umarni uku ne:

```
m <- lm(dist ~ speed, data = cars)
plot(fitted(m), resid(m))
abline(h = 0)
```

Amfanin wannan zane shi ne ya kawar da hawan da ke ɗauke hankalin ido, ya bar kurakuran tsirara. Idan layi ya yi aikinsa, ɗigon za su watsu sama da ƙasa ba tsari, faɗinsu kusan ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Da zarar aka ga siffa, akwai abin da layin bai kama ba.

Siffa ta farko lanƙwasa ce. A gudun mil 4, layi ya yi hasashen ƙafa 1.85 ƙasa da sifili, abin da hankali ba zai ɗauka ba, tunda mota ba ta tsayawa kafin a taka mata birki. Ainihin ma'aunan ƙafa 2 ne da 10, duk suna sama da layi. A tsakiya al'amarin ya juya. Ma'auni huɗu na mil 12 duk sun faɗi ƙasa da layi, biyu na mil 16 ma haka. Can ƙarshe kuma, a mil 24, uku daga cikin huɗu sun sake haurawa sama. Sama, ƙasa, sama: alamar cewa dangantakar lanƙwasa take yi, an tilasta mata miƙewa. Dalilin kuwa sananne ne. Ƙarfin motsin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa, don haka idan gudu ya ninka biyu, nisan jan birki ninki huɗu yake yi. Miƙaƙƙen layi ya ɗauka kowane ƙarin mil ɗaya ƙafa 3.93 yake ƙarawa, ko mota na rarrafe ko tana tsala gudu, kuma wannan ba gaskiya ba ne.

Dole in faɗi cewa lanƙwasar da ke wannan zane ba ta fito ƙarara ba. Ɗigon sun watsu sosai, har a mil 14 da mil 18 akwai waɗanda suka yi tsalle sama. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne zanen da ilimin motsi sun faɗi magana ɗaya. Idan ɗigo goma kacal mutum yake da su, ido zai iya ƙirƙiro masa lanƙwasar da babu ita, sai ya nemi dalili daga wajen takarda kafin ya gaskata.

Siffa ta biyu ta fi fitowa fili: ɗigon sun matse a hagu, sun buɗe a dama kamar bakin mazurari. A mil 10, ma'aunan sun kama daga ƙafa 18 zuwa 34, tazarar 16. A mil 24 kuwa daga 70 ne har 120, tazarar 50. Wannan buɗewa ba ta nufin layin ya ɓace hanya; yana iya bin tsakiya daidai. Abin da take nunawa shi ne girman kuskure ba ɗaya ba ne a ko'ina. Bambancin taya, birki, hanya da hanzarin direba ba ya yin tasiri sosai idan ana tafiya a hankali, amma gudu yana kumbura shi.

Illar tana cikin lambar da kwamfuta ke bayarwa a matsayin kuskuren da aka saba, wanda a nan ƙafa 15 ne da ɗoriya. Lamba ɗaya ce ga kowa. Ga mai tafiyar mil 4 ta yi yawa ƙwarai, ga mai mil 24 ta yi kaɗan, domin akwai ma'aunin da ya zarce layi da ƙafa 43. Duk wanda ya dogara da ita wajen ƙayyade tazara tsakanin motoci zai fi samun kwanciyar hankali a daidai wurin da haɗari ya fi yawa. Gwaje-gwajen da ake yi don tabbatar da ingancin gangaren layi su ma sun ginu ne a kan zaton cewa watsuwar ɗaya ce, saboda haka sakamakonsu na iya karkacewa.

A wannan misali magani ɗaya ya taɓa cuta biyu. Maimakon nisa kai tsaye, sai a yi aiki da tushensa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da nisan: 100 ya koma 10, 16 ya koma 4. Manyan lambobi sun fi matsuwa, don haka lanƙwasar ta miƙe, buɗewar ta ragu. Umarnin shi ne `lm(sqrt(dist) ~ speed, data = cars)`. Yanzu hasashen mil 4 ya zama kusan ƙafa 7, na mil 24 kusan 81. Bayan gyara kuma sai a sake zana ragowar, domin gyara kan haifar da tasa siffar. Ba kullum ake dace haka ba: wani lokaci lanƙwasa tana buƙatar a ƙara gudu sau kansa cikin lissafin, buɗewa kuma a rage nauyin ma'aunan da suka fi watsuwa.

Akwai iyakar da zanen ragowa ba ya tsallakewa: yana magana ne kawai a kan yankin da aka auna. Tsakanin mil 4 da 25, lissafin biyu ba su yi wa juna nisa sosai ba. Amma a tambaye su mil 60, kusan kilomita 97 a awa, miƙaƙƙen layi zai ce ƙafa 218, mai tushe zai ce 425. Babu ɗigo ko ɗaya a wannan gudu da zai raba gardama, don haka mai son amsa sai ya fita ya auna motoci a can.